Darasi na Bakwai: Gwanintar da Za a Sa a Sama da Nauyin Shaidar Mutane a Shafin Neman Aiki

A darasin da ya gabata mun buɗe shafi a LinkedIn, kowa ya rubuta sunansa da wuraren da ya yi aiki. Yau za mu tsaya a kan sashen da ake jera abubuwan da mutum ya iya, wanda ake kira Skills idan wayarka tana Turancin Ingilishi, ko Compétences idan tana Faransanci, kamar yadda wayoyin yawancinmu suke a nan Damagaram. Shafin yana ba mutum damar rubuta gwaninta masu yawan gaske, amma wanda ya buɗe shafinka ba ya ganin jerin duka. Biyu ko uku na farko kaɗai suke bayyana, sauran kuwa suna ɓoye har sai ya danna don ya gan su, kuma ma'aikacin da ke da takardun mutane da yawa a gabansa ba kasafai yake dannawa ba.

Mu ɗauki misalin wani matashi daga unguwar Zengou wanda ya yi shekara huɗu yana kula da mangazar wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi da siminti, yanzu kuma yana neman aikin ajiyar kaya a ƙungiyoyin agaji. Ya rubuta gwaninta goma sha huɗu a shafinsa, yana ƙara kowace yadda ta faɗo masa a rai. Ta farko ita ce Microsoft Word, ta biyu Communication, aikin da ya fi sani kuwa, wato Gestion des stocks, ya faɗa a lamba ta tara. Duk wanda ya leƙa shafin zai ɗauka magatakarda ne mai buga wasiƙu, ba zai taɓa tunanin cewa wannan mutum yana iya ƙidaya buhu ɗari biyar na gero ya daidaita su da abin da ke cikin littafin shiga da fita ba.

Hanyar gyara ba ta fara da waya ba, da takarda da alƙalami take farawa. Sai ya nemo sanarwar aiki uku irin wanda yake so, ya karanta su a hankali, ya ja layi ƙarƙashin duk abin da aka ce dole mai nema ya iya. A misalinmu, Gestion des stocks ta fito a duka ukun, Microsoft Excel ma haka, Inventaire ta fito a biyu, Word kuwa sau ɗaya aka ambace ta, can ƙarshen sanarwa. Daga nan sai ya yi wa kansa tambaya a kan kowace: idan aka zaunar da ni gobe aka ce in yi wannan aiki a gaban mutane, zan iya? Ya san ajiyar kaya da ƙidayar su kamar tafin hannunsa. Excel kuwa ya iya shigar da lambobi da haɗa jimla, amma bai wuce nan ba, don haka ta cancanci zama ta uku. Ina jaddada wannan domin gwanintar da ke sama ita ce ake fara tambayar mutum a kanta ranar ganawa, kuma wanda ya sa abin da bai ƙware a kai ba a gaba ya jawo wa kansa tambayar da ba zai iya amsawa ba.

Ya kamata kuma ya rubuta sunan gwanintar da kalmomin da sanarwar ta yi amfani da su, ya zaɓe ta daga cikin sunayen da shafin yake nuna masa yayin da yake bugawa, domin masu ɗaukar ma'aikata da waɗannan kalmomi suke bincike. Sauya jerin ba shi da wuya: a cikin sashen gwaninta akwai umarnin Reorder, sai a riƙe gwanintar da yatsa a ja ta zuwa sama.

Yanzu sai batun shaida. Tun shekarar 2012 LinkedIn ya kawo hanyar da mutum zai danna Endorse a ƙarƙashin gwanintar wani, wato ya shaida cewa lalle ya iya abin. Waɗanda kuka haɗu kai tsaye a shafin, kuka amince da juna, su kaɗai ne suke iya yi maka wannan shaida. Matashinmu yana da shaidu ashirin da uku a kan Word, kusan dukansu abokan makarantarsa ne, a kan ajiyar kaya kuwa biyu kacal. Wannan ne ya sa yake nauyin sauko da Word, yana ganin kamar zai ɓoye abin da ya fi ƙarfi a shafinsa.

A nan kuskuren yake. Shaidar ba ta buƙatar komai sai danna yatsa sau ɗaya, ba a tambayar mai dannawa ko ya taɓa ganin aikin da idonsa, kuma masu ɗaukar ma'aikata sun san haka sarai. Shi ya sa mai hankali a cikinsu yake buɗe jerin ya duba su wane ne shaidun. Shafin ma da kansa yakan nuna idan shaidun abokan aikinka ne a wuri ɗaya, ko kuma idan mai shaidar gwani ne a wannan fanni. Shaidu biyu na matashinmu, ɗaya daga akawun da yake karɓar lissafinsa kowane ƙarshen wata, ɗaya daga mai kula da motocin da suke sauke masa kaya, sun fi ashirin da ukun nan nauyi, domin sun gani da idonsu. Akwai kuma alamun da ke rage darajar shaida: idan mutum ɗaya ya shaidi duk gwanintarka goma sha huɗu, ko aka ga kai da abokanka kuna ta cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, ko wanda bai taɓa shiga mangaza ba ya ce ka iya ƙidayar kaya. Irin wannan shaida kana iya ɓoye ta ba tare da ka goge gwanintar ba. A kiyaye da gogewa, domin idan ka goge gwaninta shaidun da ke kanta suna tafiya tare da ita.

Neman shaida daga wanda ya dace ba abin kunya ba ne, muddin an ambaci aikin da aka yi tare. Ga yadda matashin zai iya rubuta wa tsohon maigidansa: “Maigida, ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Ina neman aikin ajiyar kaya, kuma kun san yadda na riƙe mangaza shekara huɗu. Idan ba damuwa, ina roƙon ku shaide ni a kan Gestion des stocks da Inventaire kawai.” Idan maigidan yana da hali, abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne ya rubuta ƴan jimloli da sunansa a sashen Recommendations, ya faɗi irin kayan da yaron ya riƙe da yadda lissafinsa yake fitowa daidai. Idan kuwa ba ya amfani da shafin, sai a nemi takardar shaidar aiki mai sa hannunsa a riƙe ta don ranar ganawa.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya kawo sanarwar aiki uku, ya rubuta gwaninta uku da zai sa a sama, sannan a gaban kowace ya rubuta sunan mutum ɗaya da ya gan shi yana yin aikin da kuma wurin da ya gan shi. Gwanintar da aka rasa sunan da za a sa a gabanta, a sauko da ita ƙasa kafin darasi mai zuwa.