Yadda ake zana gudun ɗan wasa a allon sifirait da saita lokacin firam don ƙafa ta daina santsi

Yawancin masu fara gem ɗin tsalle-tsalle suna zana firam takwas masu kyau, su zuba su a injin, sai ɗan wasan ya fito yana sulɓewa a ƙasa kamar mai gudu a kan laka. Sai su koma gyaran zane, alhali zanen ba shi da laifi. Saurin firam ne bai dace da saurin tafiyar ɗan wasan ba, kuma lissafi ne ke daidaita su, ido ba ya iyawa. Za mu bi misali ɗaya har ƙarshe: ɗan wasa mai tsayin fiksil 26 a cikin akwati mai faɗi 32 da tsayi 32, ana zana shi a manhajar zane ta Aseprite, ana fitar da shi a allon sifirait, wato hoto ɗaya mai ɗauke da duka firam ɗin a jere, ana sa shi a injin gem na Godot 4. Aseprite na kuɗi ne. Idan aljihu bai kai ba, LibreSprite da Pixelorama kyauta suke kuma za su yi duk abin da ke nan.

Kafin ka zana komai, ja layi biyu a wata leya ta daban. Na farko layin ƙasa, a jere na 30 daga sama, inda tafin ƙafa zai riƙa sauka. Na biyu layin tsaye a tsakiyar akwati, wato a 16, inda ƙugu zai tsaya. Ƙugu ba ya barin wannan layi a duk firam takwas ɗin. A kan allo ɗan wasa yana gudu ne a wuri ɗaya, injin ne zai matsar da shi gaba. Wanda ya bar jiki yana matsawa gaba a cikin akwati zai ga ɗan wasan yana fizgewa baya duk lokacin da zagayen ya koma farko.

Firam takwas ɗin tsayuwa huɗu ne, sau biyu, ɗaya ga kowace ƙafa. A firam na farko ƙafar gaba ta taka ƙasa, jiki ya ɗan karkata gaba. A na biyu nauyi ya sauka a kanta, gwiwa ta lanƙwashe, kai da ƙugu sun yi ƙasa da fiksil 1, ɗayar ƙafar kuma tana wucewa a naɗe. A na uku ƙafar ta miƙe a baya tana ture ƙasa da yatsu. A na huɗu babu ƙafar da ke taɓa ƙasa, jiki ya tashi sama da fiksil 2. Wannan na huɗun shi ne ya raba gudu da tafiya, kuma shi ne masu koyo suka fi mantawa, sai su samu ɗan wasa mai sauri-sauri amma ba gudu yake ba. Daga na biyar zuwa na takwas a maimaita da ɗayar ƙafar.

Fara da ƙafafu kaɗai, launi biyu, ƙafar nesa ta fi duhu. Idan launinsu ɗaya ne, firam na farko da na biyar za su zama abu guda a ido, sai a ga kamar ƙafa ɗaya ce ke ta shure-shure. Hannu yana saɓa wa ƙafa: ƙafar dama gaba, hannun hagu gaba, gwiwar hannu a lanƙwashe. Kunna `Onion Skin` da F3 don ka ga inuwar firam ɗin da ya wuce. Fuska, riga da gashi su jira sai an gama lissafin da ke tafe, don gyaran ƙafa a zanen da aka riga aka ƙawata ɓata lokaci ne. Kuma kada ka kwafi firam na farko ka liƙa a ƙarshe da sunan rufe zagaye. Zai fito sau biyu a jere, gudun ya riƙa cijewa a wuri ɗaya.

Yanzu ga wurin da aikin yake. Zaɓi fiksil ɗaya a kan yatsun ƙafar da ke ƙasa, ka bi shi a firam uku da take taɓa ƙasa. A misalinmu yana kan 22 a firam na farko, 16 a na biyu, 10 a na uku. Wato ƙafar tana ja da baya fiksil 6 a kowane firam, kuma dole tazarar ta zama iri ɗaya. Idan ka samu 22, 18, 10, babu saurin da zai gyara maka, domin a firam ɗaya ƙafar za ta sulɓe gaba, a na gaba ta sulɓe baya. Gyara zanen tukuna.

Dalilin lissafin mai sauƙi ne. Ƙafar da ta taka ƙasa bai kamata ta motsa daga inda ta taka ba. Idan a zane tana komawa baya da fiksil 6 a kowane firam, to dole injin ya tura jiki gaba da fiksil 6 a daidai tsawon wannan firam, sai biyun su kashe juna, ƙafar ta kafe.

```
fps = speed / step_per_frame
90 / 6 = 15
```

Idan ɗan wasanka yana gudun fiksil 90 a daƙiƙa, firam 15 a daƙiƙa kake bukata. Zagaye ɗaya zai ɗauki kusan rabin daƙiƙa, ya ci fiksil 48, kowane taku 24. Da ka bar shi a firam 10 a daƙiƙa, wanda shi ne milisakan 100 da Aseprite ke ba kowane sabon firam, ƙafafu za su biya fiksil 60 kawai alhali jiki ya tafi 90. Ragowar 30 ɗin su ne santsin da kake gani. Akasin haka ma yana faruwa: firam 20 a kan saurin 90, ƙafafu na ta wutsil-wutsil jiki bai bi su ba.

Ni a ganina saurin tafiya ake fara tsayarwa, domin shi ne ke yanke nisan tsalle da faɗin ramuka a duk matakan gem ɗin, zane kuma ya bi baya. Idan lissafi ya ba ka firam sama da 20 a daƙiƙa, kada ka karɓa. Ɗan wasa mai saurin 150 da taku na fiksil 6 zai nemi firam 25, ido ba zai iya tantance tsayuwa ko ɗaya ba. Faɗaɗa takun ya koma fiksil 10, ka dawo kan 15, ko da hakan na nufin ƙara faɗin akwati zuwa 48.

Akwai sharaɗi na biyu a kan lambar da za ka zaɓa. Sikirin da yawa suna sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, kowane bugu milisakan 16.67. Firam ɗin zane ba ya iya canzawa a tsakiyar bugu, don haka lambobin da ke raba 60 daidai sun fi zama lafiya: firam 10 bugu 6 ne, 12 bugu 5, 15 bugu 4, 20 bugu 3. Idan ka sa milisakan 70, ya zama bugu 4.2, sai firam huɗu su ɗauki bugu 4, na biyar ya ɗauki 5. Tunda biyar ba ta raba takwas, jinkirin zai riƙa faɗawa a kan tsayuwa daban a kowane zagaye, gudun ya yi wani ɗingishi da ba ka iya nuna wurinsa. Idan lissafi ya ba ka 14, gara ka ɗan taɓa saurin tafiya har ya zama 15. A Aseprite zaɓi duka firam ɗin, buɗe `Frame Properties`, ka sa 67 don gwajin da kake gani a can ya yi kusa da na gem.

Masu son gudu ya yi nauyi ko ya yi tsalle-tsalle sukan tsawaita wasu firam. Firam ɗin da ƙafa ke ƙasa ba a taɓa su, domin tsawaita su na dawo da santsi nan take. Na huɗu da na takwas, inda jiki ke sama, su ne kaɗai za ka iya ja ba tare da asara ba. Ka ba su `Frame Duration` na 1.5 a Godot, su zama bugu 6 maimakon 4. Takun zai ƙaru daga fiksil 24 zuwa 27, ƙafa kuma tana nan a kafe idan ta sauka.

Wajen fitarwa, ɓoye leyar layukan, ka je `Export Sprite Sheet`, ka zaɓi `Horizontal Strip`. Za ka samu PNG mai faɗi 256 da tsayi 32. Duk wani zaɓi mai suna `Trim` ka bar shi a kashe. Yana yanke sararin da ke kewaye da zane, sai girman akwatin ya canza, layin ƙasa da na tsakiya su gushe, ɗan wasa ya riƙa rawa sama da ƙasa ko ya yi tsalle gefe idan ya juya. PNG ba ya ɗauke da lokacin firam, milisakan 67 ɗin da ka sa sun tsaya a Aseprite.

A Godot saka `AnimatedSprite2D`, ka ƙirƙiri `SpriteFrames`, ka sa wa motsin suna `run`, ka ɗauko firam daga allon da `Horizontal` 8 da `Vertical` 1. Saurin da yake zuwa da shi 5 FPS ne, wato firam 5 a daƙiƙa, mayar da shi 15, ka tabbata maimaitawa a kunne take. A `Project Settings` mayar da `Default Texture Filter` zuwa `Nearest`, in ba haka ba zanen zai dushe, wani lokaci har siririn layi daga akwatin maƙwabci ya leƙo a gefe.

Ɗan wasa ba ya kai saurin 90 nan take, yana hawa ne yana sauka, don haka ɗaure saurin zane da saurin jiki a cikin `_physics_process` na `CharacterBody2D` ɗin ɗan wasan, inda `sprite` shi ne `AnimatedSprite2D` ɗinka:

```gdscript
const RUN_SPEED := 90.0

if is_on_floor() and absf(velocity.x) > 5.0:
    sprite.play("run")
    sprite.flip_h = velocity.x < 0.0
    sprite.speed_scale = clampf(absf(velocity.x) / RUN_SPEED, 0.6, 1.3)
else:
    sprite.speed_scale = 1.0
```

Iyakar 0.6 tana hana ɗan wasa rataye a sama a firam na huɗu lokacin da yake rage gudu. Layin ƙarshe kuma kada ya ɓace, domin `speed_scale` na shafar duk motsin da ke kan wannan sifirait, tsayuwa da tsalle ma za su gaji saurin gudu idan ba a mayar da shi 1 ba.

Don gwaji, shimfiɗa ƙasa mai ratsi a kowane fiksil 8, ka sa `Engine.time_scale = 0.1`, ka zuba ido a kan yatsun. A cikin kowane firam za su ɗan zame gaba da fiksil 6 sannan su koma, wannan ba matsala ba ce, a cikakken sauri ido ba ya kama shi. Abin dubawa shi ne inda suke a farkon firam na farko, na biyu da na uku. Idan wuri ɗaya ne, lissafi ya zauna. Idan suna matsawa gaba, ƙara FPS ko faɗaɗa taku. Idan baya suke ja, rage FPS.