Darasi na Shida: Yadda Za Ki Tsara Rajistar Marasa Lafiya Ta Riƙa Ƙirga Cututtuka da Kanta

Wannan darasin na ma'aikatan ƙaramin asibiti ne, mata da maza, masu cike fom ɗin taƙaita aikin wata na NHMIS, wanda ake kai wa jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma ya shigar a DHIS2. Yawanci in wata ya ƙare sai ki ga an baje rajista ana bin ta layi-layi da biro ana jan kara, maleriya nawa, gudawa nawa, to ko an samu kwamfuta ma wasu sake buga komai suke a sabon shafi. Babu dalilin wannan wahalar in tun farko an tsara rajistar daidai a Excel.

Doka ta farko, zuwa ɗaya layi ɗaya, kuma duk shekara a shafi ɗaya. Kar ki buɗe wa Janairu shafinsa Fabrairu nasa, kar ki bar layi ba komai a tsakani, kar ki rubuta jimilla a tsakiyar rajista. Shafin ki sa masa suna Rajista. Layin farko kanun kolum ne: A kwanan wata, B lambar kati, C shekaru, D jinsi, E sabo ko dawowa, F cuta ta farko, G cuta ta biyu. Sunan mara lafiya yana kan katinsa, lambar katin ta isa a nan, don ciwon mutum sirrinsa ne, shi kuma fayil yawo yake a filas da waya.

Inda aka fi samun matsala kolum F ne. Yau mai aiki ta rubuta maleriya, gobe na dare ya rubuta zazzaɓin cizon sauro, jibi wata ta taƙaita ta sa harafi biyu, a wajenmu duk ciwo ɗaya ne amma kwamfuta tana ganin cuta uku ne daban-daban. Babban baƙi da ƙarami ba ya damun lissafin, amma harafi ɗaya ya canza ko a bar fili a ƙarshen kalma, shi ke nan wannan layin ya faɗi. Maganin shi ne a daina buga sunan cuta da hannu kwata-kwata. Ki buɗe shafi na biyu mai suna Cututtuka, ki jera sunayen daga A2 zuwa ƙasa, daidai yadda suke a fom ɗin wata, saboda fom ɗin ne za ki cike a ƙarshe. Sai ki koma Rajista ki zaɓi kolum F da G daga layi na biyu zuwa ƙasa, ki shiga Data, ki danna Data Validation, ki zaɓi List, a wajen Source ki sa:

```
=Cututtuka!$A$2:$A$40
```

Daga nan duk mai shigar da bayani zaɓa kawai zai yi daga jerin. Ki yi wa D da E irin haka.

Kwanan wata ma yana son kulawa. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata, wasu kwamfutocin kuma an saita su wata ne a gaba, to in kin buga 3/4/2025 da nufin 3 ga Afrilu tana iya ɗauka 4 ga Maris ne, mara lafiyar ya koma lissafin watan da bai zo ba. In kuma kin buga 25/4/2025 a irin wannan kwamfutar, tunda babu wata na 25 sai ta ajiye shi a matsayin rubutu kawai. Alamar ita ce kwanan wata na gaske yana jingina a dama cikin gidansa, wanda ya zama rubutu yana jingina a hagu. Ki sa kolum A ya riƙa nuna sunan wata da haruffa, nan take ido zai kama kuskure. Shekaru kuma lamba zalla, jaririn da bai kai shekara ba ki sa 0, kar ki rubuta "wata takwas".

Yanzu shafi na uku, Lissafi. A gidan A2 ki rubuta =Cututtuka!A2 ki ja ƙasa, sunayen za su zo da kansu. A B1 ki sa 1 ga Janairu 2025, C1 1 ga Fabrairu, haka har Disamba. A B2 ki sa wannan:

```
=COUNTIFS(Rajista!$F:$F,$A2,Rajista!$A:$A,">="&B$1,Rajista!$A:$A,"<"&EDATE(B$1,1))
```

Kar tsawonsa ya ba ki tsoro, abin da yake cewa kawai shi ne, ƙirgo min layukan da cutarsu ta yi daidai da ta A2, waɗanda kwanansu ya fara daga ɗaya ga wannan watan amma bai kai ɗaya ga wata mai zuwa ba. Don a haɗa da cuta ta biyu, ki sa alamar + a ƙarshe ki maimaita shi ba tare da alamar = ta farko ba, ki canza $F:$F zuwa $G:$G. Wannan shi ya sa muka ware G, yaron da ya zo da maleriya da gudawa in aka cusa su gida ɗaya ba a ƙirga ko ɗaya daga ciki ba. Sai ki ja B2 ƙasa, ki ja shi gefe har Disamba, alamomin $ ɗin nan su ke riƙe komai a wurinsa don haka kar ki goge su. Sau ɗaya ake wannan aikin a shekara.

In fom yana neman yara 'yan ƙasa da shekara 5 daban, ki kwafi teburin zuwa sabon shafi daga gidan A1, ki ƙara waƙafi da Rajista!$C:$C,"<5" kafin baka ta ƙarshe ta kowane COUNTIFS. Haka za ki yi da kolum E in sababbi kawai ake so, wannan kuwa yana da muhimmanci ga hawan jini da ciwon suga, don dattijon da ya dawo karɓar magani sau uku ba sababbin masu ciwo uku ba ne.

Ni dai ban yarda a kwafi lamba zuwa fom ba a gwada ta ba. Mu ɗauka a Maris rajista na da layi 310, 40 daga ciki suna da cuta ta biyu, ke nan jimillar kolum ɗin Maris a Lissafi dole ta zama 350. In kin ga 336, akwai 14 da suka ɓace. Ki sa Filter a Rajista ki buɗe jerin kolum F da G, za ki ga baƙin sunaye ko gidajen F da aka bari ba komai. Galibi wani ne ya kwafo daga wani fayil ya manna, shi kuwa mannawa tsallake Data Validation yake yi. Ki gyara a Rajista, lambar Lissafi za ta gyaru da kanta, kar ki taɓa buga lamba da hannu a kan gidan da ke da lissafi don kin goge shi ke nan. Kwanakin da suka zama rubutu kuma wannan ne zai tona su, ya kamata ya ba ki 0:

```
=COUNTA(Rajista!A:A)-1-COUNT(Rajista!A:A)
```

Aikin gwaji: ki shigar da zuwa goma na ƙirƙira, shida a Maris huɗu a Afrilu, biyu daga ciki da cuta ta biyu. Ki ƙirga da hannu ki kwatanta da Lissafi. Sannan ki canza kwanan mutum ɗaya daga 31 ga Maris zuwa 1 ga Afrilu, ki rubuta a littafinki gidajen da lambarsu ta canza.