Darasi na Tara: Wasiƙar Mai Fassara Zuwa ga Mai Aiki

Wata ƙungiyar da ke aiki da manoma ta ba wani malami a Zariya aikin fassara. Takarda ce mai shafi shida kan noman masara, an rubuta ta da Turanci, ana son a mayar da ita Hausa a raba wa manoma kafin damina ta faɗi. Jami'ar da ke kula da aikin, wadda kowa ke kira Hajiya, ta turo masa fayil ɗin ta imel ranar Litinin da safe, ta ce tana son fassarar ranar Alhamis.

Malamin bai fara fassara nan take ba. Ya karanta takardar daga farko har ƙarshe, da biro da takarda a gefensa, duk inda ya yi tuntuɓe sai ya rubuta. Da ya gama, ya ƙirga wurare goma sha ɗaya. Amma tambaya huɗu kawai ya aika wa Hajiya. A wannan darasi za mu ga yadda ya tace su, da yadda ya tsara wasiƙar.

Abin da ba a tambaya

Bakwai daga cikin wuraren nan shi ya warware su da kansa. Misali, an rubuta "corn" a wasu shafuka, an rubuta "maize" a wasu. A nan ƙasar, in mutum ya ji "corn" yana iya tuna dawa, domin "guinea corn" ake ce mata da Turanci. To amma hotunan da ke cikin takardar duk na masara ne, ga goyo ga gemu, kuma mutanen Amurka "corn" suke kiran masara. Babu abin tambaya a nan. Sauran shidan kuwa ƙamus da karanta jimlar da ke gaba sun ishe shi.

Mai aiki ya biya kuɗi ne don a ɗauke masa nauyi. In ka cika shi da tambayar da ƙamus zai amsa, zai fara shakkar gwanintarka, kuma tambayoyinka masu muhimmanci za su ɓace cikin tarkace. Abin da ake kai wa mai aiki shi ne wanda amsarsa ba ta cikin takardar, ba ta cikin ƙamus, sai a kan wanda ya rubuta.

Huɗun da suka rage

Ta farko ita ce mafi haɗari. A shafi na 3 an ce a zuba buhu biyu na takin NPK a kowace "ha", wato hekta. A shafi na 5, cikin jadawali, an sake kawo buhu biyun amma aka rubuta "acre", wato eka. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi ke nan. In manomi ya zuba wa eka ɗaya takin da aka auna don hekta, ya zuba ninki biyu da rabi na abin da marubuci yake nufi. In kuma akasin haka ne, gona ta kwana da yunwa. Ga shi ba a faɗi nauyin buhun ba. Buhun taki da aka saba gani a kasuwanninmu mai kilo 50 ne, amma akwai mai kilo 25, kuma buhu biyu na iya zama kilo 100 ko kilo 50. Mai fassara ba malamin gona ba ne. Ko da yana da gona a ƙauyensu, ba shi da ikon zaɓa wa marubuci adadi.

Ta biyu kalma ce guda, "bi-weekly". An ce manomi ya riƙa duba gonarsa haka don gano tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016. Su kansu Turawa kalmar tana rikita su, domin tana nufin sau biyu a mako, tana kuma nufin sau ɗaya a mako biyu. A wata guda, wannan zagaye takwas ne ko zagaye biyu. Hausa ba ta da kalma mai fuska biyu irin wannan da za a fake a bayanta, dole ka faɗi ɗaya.

Ta uku kwanan wata ne: 04/05/2026, ranar taron manoma. A tsarinmu rana ke zuwa kafin wata, don haka 4 ga Mayu ne. A tsarin Amurka wata ke zuwa da farko, sai ya zama 5 ga Afrilu. Akwai dabarar da ake yi kafin a tambaya: nemi wani kwanan wata a cikin fayil ɗin mai lamba sama da 12. In ka ga 04/25/2026, ka san wata ne a gaba, tunda babu wata na 25. Malamin ya duba, bai sami ko ɗaya ba. Ya kuma ga marubucin yana cewa "corn" irin na Amurkawa, sai shakkarsa ta ƙaru.

Ta huɗu kuwa Hausa ce ta jawo ta. Turanci yana cewa "you" ga namiji da mace da jama'a. Mu sai mun zaɓa: ka, ki, ko ku.

Wasiƙar

A layin da aka rubuta Subject, ya sa wannan:

Tambayoyi 4 kan fassarar takardar masara, ina neman amsa kafin Talata da yamma

Sannan ya rubuta:

Assalamu alaikum Hajiya,

Da fatan kin tashi lafiya, ya aiki? Na karɓi fayil ɗin masara_v2.docx, na karanta shi duka, na kuma fara fassara. Akwai wurare huɗu da nake neman ƙarin haske. Inda nake da zato na faɗe shi, in daidai ne sai ki ce "eh" kawai.

1. Shafi na 3 ya ce "2 bags of NPK per ha", jadawalin shafi na 5 kuma ya ce "2 bags per acre". Hekta ake nufi ko eka? Kuma buhu mai kilo nawa? A nan ba ni da zato, na bar gurbin a buɗe har sai na ji daga wajenku.

2. Shafi na 4: "Inspect the field bi-weekly". Sau biyu a mako, ko sau ɗaya a mako biyu? Ina zaton sau biyu a mako, tunda maganar tsutsa ake yi.

3. Shafi na 6: "Field day: 04/05/2026". 4 ga Mayu ne ko 5 ga Afrilu? Ina zaton 4 ga Mayu, domin ranar Litinin ce, 5 ga Afrilu kuwa Lahadi ce.

4. Takardar tana magana da manomi kai tsaye. In rubuta "ka zuba", ko "ku zuba"? Ina ba da shawarar "ku", don ya haɗa maza da mata.

Na sa wa wuraren alamar rawaya a kwafin da na haɗo da wannan saƙo. Ina ci gaba da sauran shafukan. In amsa ta iso kafin ƙarfe 5 na yammar Talata, zan miƙa aikin ranar Alhamis kamar yadda muka yi, in sha Allah. In ta wuce haka, zan nemi ƙarin kwana ɗaya.

Na gode. A huta lafiya.

A ƙasa ya sa cikakken sunansa da lambar wayarsa.

Mu duba ɗinkin wasiƙar

Ku lura, a tambayoyi ukun farko kowace ta zo da lambar shafi da kuma ainihin jimlar yadda take a fayil. Lambar shafi kaɗai ba ta isa ba, domin fayil ɗin Word yakan sauya tsari: abin da ke shafi na 3 a kwamfutarka yana iya komawa shafi na 4 a wayar Hajiya. Da jimlar a hannunta, za ta iya nemo wurin cikin daƙiƙa kaɗan. Sunan fayil ɗin ma da amfaninsa, don sau da yawa ofis yana da kwafi biyu ko uku na takarda ɗaya.

Bai rubuta "ban gane wannan ba" ko sau ɗaya. Wannan maganar ba ta nuna wa mai aiki inda gizo ke saƙar. Shi ya ajiye ma'ana biyu a gabanta, ya nuna wadda ya fi karkata gare ta da dalilinsa. Hajiya na iya amsawa tana cikin mota. Bai kuma ce "marubucinku ya yi kuskure" ba, ko da yake a tambaya ta farko kuskuren a fili yake. Ya jera jimlolin biyu kusa da juna, ya bar ta ta gani da idonta. Wa ya sani, wataƙila ita ce ta rubuta.

Dubi kuma inda ya ƙi yin zato. Kan "ka" da "ku", in ya yi kuskure gyara ne mai sauƙi. Kan adadin taki, ko magani, ko kuɗi, ba a zato, domin mai aiki da ke cikin sauri yana iya cewa "eh" bai duba ba, kuskuren ya tafi gona dubu.

Sannan ya tara tambayoyin a saƙo ɗaya, ya aika a ranar farko. Mai aika tambaya ɗaya da safe, ɗaya da azahar, ɗaya da dare, yakan sami amsar ta ƙarshe kawai. Mai jira sai daren Laraba kuwa ya makara, don Hajiya ma sai ta nemi malamin gonar da ya san amsa.

Amsar da ta zo

Talata da hantsi Hajiya ta amsa: "1. Eh haka ne. 2. Sau biyu a mako. 3. Mayu. 4. Ku." Uku sun fita. Ta farko kuwa ba ta amsu ba, domin tambaya ce ta "wannan ko wancan", kuma "eh" ba ya zaɓar ko ɗaya. Wannan yana faruwa sosai. Malamin ya danna Reply, don tambaya da amsa su zauna a zare ɗaya, ya rubuta layi biyu: "Na gode Hajiya. Saura ta ɗaya: hekta ko eka, kuma kilo 50 ko 25?"

Sai ta kira shi a waya ta ce ta tambayi malamin gona, hekta ce, buhu mai kilo 50, jadawalin ne aka yi kuskure. Da suka ajiye waya ya sake tura saƙo: "Kamar yadda muka yi magana yanzu, zan rubuta buhu biyu masu kilo 50 a kowace hekta, a shafi na 3 da na 5. Don Allah a gyara na Turancin ma." Maganar waya ba ta barin sawu. In bayan wata uku wani ya ce wa ya sauya jadawali, saƙon nan ne shaidarsa.

Aikin gida

An ba ka takardar wata ƙungiyar adashi ka fassara. A shafi na 2 an rubuta "Members pay bi-monthly", a shafi na 4 kuma "Meeting: 06/07/2026". Rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga shugaban ƙungiyar, Alhaji ne dattijo. Sa layin Subject, ka gaishe shi yadda ya dace da girmansa, ka kawo kowace jimla da ma'anoninta biyu. Ka yanke shawara a wace tambaya za ka faɗi zatonka, a wace kuma za ka bar gurbi, ka zo aji da dalilinka.