Yadda ake lissafa fentin ɗaki daga hoto bayan an cire taga da ƙofa

Wani abokin cinikina ɗan Garwa da ke kasuwanci a Njamena ya turo mini hotuna uku ta WhatsApp, ya ce: "Malam, ga ɗakin Hajiya nan, lita nawa zan saya?" Na ce masa: "Alhaji, waɗannan hotuna ba za su ba mu lissafi ba, sai an sake ɗauka." Hotunan sun fito tas, amma duk daga kusurwa aka ɗauke su, kuma babu wani abu a cikinsu da na san tsawonsa. Hoto shi kaɗai ba ya ɗauke da awo. Bango mai mita 3 da aka ɗauka daga kusa, da mai mita 6 da aka ɗauka daga nesa, girmansu ɗaya ne a fuskar waya. Kai ne za ka sa ma'auni a cikin hoton tun kafin a ɗauka.

Idan akwai mai tef ɗin awo a gidan kuma ya iya karanta shi, a auna da tef, ya fi. Wannan hanya ta wanda yake nesa ce, wanda ba shi da kowa a gida sai yaro mai waya.

Mataki na farko shi ne a samo sanda miƙaƙƙiya a yanke ta mita 1 cif. Tela na unguwa ko kafinta zai auna ta a minti ɗaya. A jingina ta ta manne da bangon da za a ɗauka, a tsaye ko a kwance. Mannewar nan ba ƙaramin abu ba ce. Idan yaro ya riƙe sandar a tsakiyar ɗaki, ta fi bango kusa da waya, za ta fito da girma fiye da yadda take, sai lissafi ya nuna maka bango ƙarami, fenti ya ƙare ana tsakiyar aiki. Wasu suna manna takardar A4, wadda tsawonta santimita 29.7 ne, faɗinta 21. Tana aiki, amma ni ba na sonta, domin a hoton bango guda takan fito 'yar ƙarama, kuma kuskure kaɗan a awonta yakan zama babba a bango. Wasu kuma sukan ɗauka cewa kowace ƙofa mita 2.10 ce su yi awo da ita. A sababbin gidaje sau da yawa haka ne, amma a tsofaffin unguwanni na ga ƙofofin da sai mutum ya sunkuya kafin ya shiga.

Sai ɗaukar hoton. Mai ɗauka ya tsaya a tsakiya, ya fuskanci bangon kai tsaye, bayansa na jikin bangon da ke kallonsa. Ya riƙe wayar a kwance daidai ƙirjinsa ko sama kaɗan, wajen rabin tsayin ɗakin, kada ya karkata ta sama ko ƙasa. Kyamara ta kasance a kan 1x. Kada a yi amfani da 0.5x, domin yana jan gefunan hoto su miƙe. Kowane bango da hotonsa, da sandar a ciki, kuma kusurwoyi huɗu su fito. Idan bangon ya ƙi shiga hoto ɗaya, a ja layi da alli a tsakiya, a ɗauki kowane rabi daban.

Kafin ka fara lissafi ka gwada hoton. Auna tsayin bangon a gefen dama da gefen hagu. In sun zo ɗaya, an tsaya daidai. In ɗaya ya ɗara ɗaya sosai, an ɗauka a karkace, sai a sake. Haka ma faɗin sama da na ƙasa.

Ni nakan kai hotunan wurin masu kwamfuta a buga mini kowanne a takarda, in auna da rula irin ta 'yan makaranta. Ka gaya wa mai bugawa kada ya ja hoton don ya cika takarda, ya bar shi da siffarsa. Ana iya aunawa a fuskar waya, sai dai da zarar yatsa ya taɓa hoton ya ƙara girma, duk awon baya ya lalace.

Ƙa'idar ɗaya ce tak:

```
tsawo (m) = awon abu a hoto ÷ awon sanda a hoto
```

Ga yadda ɗakin Hajiya ya kasance da aka sake ɗauka. A hoton dogon bango, sandar ta fito santimita 4. Faɗin bangon ya fito 16.8, tsayinsa 11.6. Raba kowanne da 4, sai ka sami faɗi mita 4.20, tsayi mita 2.90. A hoton gajeren bango an sami wurin ja da baya, kuma an buga shi da girma, sai sandar ta fito santimita 5. Kowane hoto da nasa ma'auni ke nan, kada ka ɗauki na wancan ka yi aiki da shi a wannan. Faɗin ya fito 18, wato mita 3.60, tsayin kuma 14.5, wato mita 2.90. Da na ga tsayin ya zo ɗaya a hotuna biyu daban sai hankalina ya kwanta, domin wannan ita ce shaidar cewa awon bai kauce ba. Da ɗaya ya ba ni 2.90 ɗaya 3.20, da na san akwai hoton da aka ɓata.

A nan ne za a ga dalilin da na ƙi takardar A4 a matsayin ma'auni. A hoton farko, kuskuren milimita 1 a kan sanda mai santimita 4 kashi 2.5 ne cikin ɗari. Da takardar A4 ce, da ta fito wajen santimita 1.2 kawai, kuma wannan milimita ɗin da ya zama sama da kashi 8.

Yanzu a haɗa bango huɗu. Kewayen ɗakin shi ne 4.20 sau biyu da 3.60 sau biyu, mita 15.60. Ninka shi da tsayi:

```
15.60 × 2.90 = 45.24 m²
```

Wannan shi ne bango gaba ɗaya, kamar babu taga babu ƙofa. Idan ɗakin ba shi da silin, rufin kwano ne mai gangare, bangon gefe yakan fi tsayi a ɓangare ɗaya. Sai ka auna tsayin biyu, ka haɗa, ka raba biyu.

Taga da ƙofa ana auna su a cikin hoton bangon da suke, har da firam ɗinsu, da ma'aunin wannan hoton. Ƙofar tana gajeren bango, ta fito 4.5 da 10.5, wato mita 0.90 da 2.10, fili murabba'in mita 1.89. Babbar taga mita 1.20 da 1.20 ce, 1.44. Ƙaramar kuma 1.20 da 1.00, wato 1.20. Jimla 4.53. A cire daga 45.24, saura 40.71.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, amma akwai wurin da hoton da aka ɗauka kai tsaye yake ɓoyewa. Taga ba ta zama daidai da fuskar bango, takan shige ciki, kuma wannan leɓen da ke kewaye da ita shi ma fenti yake sha. Na sa yaron ya ɗora yatsunsa huɗu a kan leɓen ya ɗauko mini daga gefe, na ƙiyasta zurfinsa santimita 10. Kewayen babbar taga mita 4.80 ne, na ƙarama 4.40, ƙofa kuma gefe uku ne kawai, 5.10, tunda ba a fentin dokin ƙofa. Duka mita 14.30, sau 0.10, ya ba da 1.43. A mayar da shi kan 40.71, an sami 42.14, mu ce murabba'in mita 42. Ka ga kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da muka cire ya dawo. Shi ya sa ƙananan ramukan iska da 'yar tagar banɗaki ba na wahalar da kaina wajen cire su.

Daga nan sai bokitin fenti. A jikin kowane bokiti na kirki akwai inda aka rubuta filin da yake rufewa, ko dai m²/L ko m²/kg. Ka duba da kyau wanne ne, domin a kasuwanninmu na Garwa da Marwa fentin ruwa sau da yawa da kilo ake sayar da shi, kuma kilo ba lita ba ne. Lita ɗaya ta fentin ruwa takan kai wajen kilo ɗaya da rabi. Adadin da aka rubuta kuma na shafa ɗaya ne, a kan bango mai santsi. Wanda Alhaji ya zaɓa an rubuta masa murabba'in mita 10 a lita. Shafa biyu ake yi:

```
42 × 2 ÷ 10 = 8.4 L
```

Ban ce masa ya sayi 8.4 ba. Awon hoto ko an yi shi da kyau yana iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari, kuma in faɗi da tsayi duka suka kauce haka, filin yakan kauce da kashi 10. Ga abin da rola ke sha, ga wanda ke ɗiga a ƙasa. Nakan ƙara kashi 15, wanda ya kai mu 9.7, sai na ce lita 10, ko kilo 15 in da kilo ne. Gara a sayi duka a lokaci ɗaya. Idan kala ce da ake haɗawa a shago, wadda za a haɗa daga baya da wuya ta zo daidai da ta farko, kuma bambancin yakan fito fili a bango.

Akwai abin da hoto ba zai taɓa gaya maka ba, wato yadda bangon yake shan fenti, kuma wannan yana iya canza lissafi fiye da taga da ƙofa. Na ce wa yaron ya shafa tafin hannunsa a bango ya duba. In hannun ya fito da fari, to farar ƙasa ce ko tsohon fenti da ya zama gari, sai an kankare an shafa fentin share fage, in ba haka ba sabon zai ɓare. Sannan ya yayyafa ruwa kaɗan. In bangon ya shanye nan take ya yi duhu, mai ƙishirwa ne, kamar sabuwar filasta, kuma irin wannan lita ɗaya ba ta wuce murabba'in mita 6 ko 7. Da haka ne a ɗakin Hajiya, da 84 raba 7 ya ba mu lita 12 tun kafin ƙari. Idan tsohuwar kala mai duhu ce kuma fari za a shafa, a lissafa shafa uku. Kada kuma a ce za a cike giɓin da ruwa. Ruwan da ya wuce abin da aka rubuta a bokiti yana sa fentin ya yi tsararo, tsohuwar kala ta riƙa leƙowa, sai an ƙara shafa.

Bangon Hajiya tsohon fenti ne mai ruwan madara, hannu ya fito ba gari, ruwan da aka yayyafa kuma ya gangaro. Na bar lissafin a lita 10, na ce a shafa da sassafe tunda watan Afrilu ne, kada zafin Garwa ya busar da fentin a kan rola. Silin da ƙarfen taga da ganyen ƙofa ba sa cikin wannan adadi, na rubuta masa nasu daban.