An ce masa ina kwana, shi kuma ya ji sunan gari: kurakuran gaisuwar Turkanci a tashar mota

Ɗaliban da ke zuwa karatu Turkiyya da 'yan kasuwar da ke sayayya a Laleli, unguwar kasuwanci a Istanbul, sukan haddace gaisuwa biyar ko shida kafin su taso daga gida. A cikin aji ko a shago wannan ya wadatar. A tashar motocin da ke zuwa wasu garuruwa, wadda Turkawa ke kira otogar, lamarin ya sha bamban, domin a can gaisuwa da sunayen garuruwa da tambayoyi duk a haɗe suke shigowa kunne, ga ƙarar inji, ga mutum yana sauri. Ga wani gajeren labari da na ƙirƙira don a ga yadda abin ke faruwa. Mutanen cikinsa na ƙage ne, kalmomin da wuraren kuwa na gaske ne.

Wani saurayi Bakano ya sami gurbin karatu a Aydın, garin ɓaure da ke kudu da Izmir. Da sassafe ya sauka daga jirgin ƙasa a babbar tashar Esenler ta Istanbul, wadda aka buɗe a 1994, yana jan akwati, tikitinsa na cikin waya. Tashar ta yi masa faɗi, ofisoshin sayar da tikiti a jere, motoci a bayansu kusan duk kala ɗaya. Yana tafe yana maimaita sunan garin a ransa don kada ya manta, sai ya gifta ta gaban wata mota. Yaron motar, wanda suke kira muavin, ya dube shi da fara'a ya ce, "Günaydın!"

Saurayin ya tsaya cak. Ya ce, "Evet, evet!", wato e, e. Yaron motar ya ɗan yi mamakin wannan amsa, amma akwai mutum uku a bayansa suna miƙo kaya, sai ya karɓi akwatin ya tura cikin ma'ajiyar kaya, ya ba shi 'yar takardar shaida. Saurayin ya hau, ya nemi kujera mai lamba 17 ya zauna, har ya aika wa mahaifiyarsa saƙo cewa ya sami mota. Bai jima ba wata dattijuwa ta tsaya a kansa riƙe da tikitinta, ita ma 17 ke rubuce. Ta ce masa wata magana wadda a ciki bai gane komai ba sai "ɗana". Shi kuma ya nuna mata waya yana cewa, "Inna, Aydın, Aydın." Da yaron motar ya zo ya duba, ya dafe kai ya ce, "Ɗan'uwana, wannan motar Ankara za ta." Aka tono akwatin daga ƙarƙashin kayan mutane, yaron motar ya riƙe masa shi da gudu har bakin motar Aydın, saura minti huɗu ta tashi. Da zai juya ya ɗaga hannu ya ce, "Hayırlı yolculuklar!" Saurayin ya ji hayır, wato a'a, ya janye ƙafarsa daga matakala. Sai da direba ya leƙo ya yafito shi da hannu sannan ya shiga.

Kunne yana jin abin da yake jira

Tushen kuskuren yana cikin kalmar farko. Günaydın gaisuwar safe ce, kalma biyu ne a haɗe: gün, rana, da aydın, mai haske. Sunan garin Aydın yana zaune cikin gaisuwar ɗungurungum, harafi da harafi. Gaɓar farko gajera ce, kuma wasalin ü babu shi a Hausa, ana furta shi ne da leɓe a zagaye kamar za a ce u amma harshe yana wurin i. Sautin da kunne bai saba da shi ba shi yake fara zubarwa cikin hayaniya, sai abin da ya rage ya zama sunan da mutum yake ta nanatawa a ransa. Mu kuma mun taso a tashoshin da yaran mota ke kiran gari da ƙarfi, "Kaduna! Kaduna!", saboda haka duk wanda ya tsaya a ƙofar mota ya ɗaga murya, mun riga mun yanke cewa sunan gari yake kira. A Turkiyya ma ana jin masu kiran garuruwa a bakin ofisoshi, shi ya sa zaton bai zama wauta ba.

Akwai alamar da ke raba gaisuwa da tambaya, kuma tana ƙarshen magana. Baturke idan zai tambaye ka ko Aydın za ka, zai ƙara ɗan harafin tambaya, mı ko mi, ya ce "Aydın mı?" ko "Aydın'a mı?". Wannan a da ke manne da sunan garin tana nufin zuwa. Idan kuma bai san inda za ka ba, "Nereye?" zai ce, wato ina zuwa. Gaisuwa ba ta ɗaukar ko ɗaya cikin waɗannan. Saboda haka ka saurari wutsiyar magana: in ba ka ji mı ko kalmar tambaya irin nereye ba, ba a tambaye ka komai ba, kuma amsar Günaydın ita ce Günaydın.

Cewa e ga maganar da ba a gane ba

Rashin ji ba laifi ba ne. Abin da ya kai akwatin cikin motar Ankara shi ne evet. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi tsada, kuma kunya ce ke jawo shi: mutum ba ya son a ga bai iya ba, ko ba ya son ya sa babba ya maimaita magana. Yaron motar da ya ji e daga bakin mai akwati ya ɗauka fasinjansa ne, ba shi da dalilin zargin wani abu. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da komai, "Anlamadım", ban gane ba. In kana son a sake faɗa a hankali ka ce "Yavaş lütfen", ana furta ta yabash lutfen ko kusa da haka. Harafin ş shi ne sh namu, ç shi ne c namu, c ɗinsu kuma j ne. Wannan rubutu na boko Turkawa sun karɓe shi ne a 1928, kuma kusan kowane harafi sauti ɗaya yake da shi, don haka wanda ya iya karatun Hausa bai da nisa.

Mafi kyau ma kada ka jira a tambaye ka. Kafin ka saki hannun akwati, ka yi abu uku a tsaye a wurin. Ka karanta sunan garin da ke gaban gilashin motar ko a allon lantarkinta. Ka duba sunan kamfani da lokacin tashi da lambar peron, wato gurbin da motar ke tsayawa, ka gwada da abin da ke tikitinka, ka tuna agogonsu na awa 24 ne, 07.30 safe ce, 19.30 dare. Sannan ka nuna wa yaron motar tikitin ka tambaya da bakinka: "Abi, bu otobüs Aydın'a gidiyor mu?", wato Yaya, wannan motar tana zuwa Aydın? Abi shi ne yadda ake kiran namijin da ya girme ka kaɗan, kuma yana sassauta fuska nan take. Tambayar tana da amfani ko da sunan da ke gilashi daban ne, domin allon yakan nuna garin ƙarshe, mai zuwa Aydın zai iya samun kansa daidai a motar da aka rubuta wa Bodrum ko Muğla.

A lura da amsar ma. Baturke yakan ce a'a ba tare da ya buɗe baki sosai ba: ya ɗaga haɓa sama, ya ɗage gira, ya yi ɗan tsaki guda. Baƙo yakan ɗauka gyaɗa kai ne na amincewa, ko ya ji haushin tsakin. Ba raini ba ne, a'a ce kawai.

Hayır biyu

Kuskure na ƙarshe a labarin ya fi sauƙin gyara ga Bahaushe fiye da kowa. Turkanci yana da hayır mai nufin a'a, yana da wata hayır da ta fito daga kalmar Larabcin da ta ba mu alheri. Idan aka ƙara mata lı sai ta zama hayırlı, mai alheri, kuma da ita ake gina addu'o'in yau da kullum: hayırlı yolculuklar, a sauka lafiya, hayırlı sabahlar ta safe, hayırlı cumalar ta ranar Juma'a, hayırlı işler da ake yi wa mai sana'a. A'a gajera ce, takan tsaya ita kaɗai. In ka ji maganar ta ci gaba ta ƙare da lar ko ler, fatan alheri ake yi maka, ka amsa da "Teşekkürler" ko "Sağ olun", na gode.

Ita ma wannan godiyar tana da tarkonta. Harafin ğ ba a furta shi, ja wasalin da ke gabansa yake yi, don haka "Sağ ol" da sauri takan fito kamar sol, wanda ke nufin hagu, alhali sağ ita kaɗai dama ce. Mai neman hanya a tasha ya bi yatsan mai nuni, kada ya dogara da kunne kawai.

In motar ta riga ta tashi

Saurayin ya ci sa'a da dattijuwar ta zo. Da kujerar babu mai ita, da sai an kama hanya, lokacin da yaron mota ke bi kujera kujera yana gwada fasinjoji da jerin sunayen da ke hannunsa, za a gano. Hanya ba za ta faɗa maka da wuri ba, domin motar Ankara da ta Aydın duk tsallakawa suke yi ɓangaren Asiya na Istanbul su nufi wajen Gebze. Bayan nan ne suke rabuwa: ta Aydın ta hau gadar Osmangazi, wadda aka buɗe a 2016, ta yi kudu ta wajen Bursa da Balıkesir da Izmir, ta Ankara kuma ta miƙe gabas ta Izmit da Bolu. Wanda ya jira sai ya ga allon Bolu ya yi nisa ƙwarai.

Da zarar ka yi shakka, ka kira yaron motar ka nuna masa tikiti ka ce "Yanlış otobüs", motar da ba daidai ba. Yawancin motocin da ke tashi daga Esenler sukan tsaya ɗaukar fasinja a ƙananan tashoshi irin su Alibeyköy ko Dudullu kafin su bar birnin, kuma a nan ne sauka ta fi sauƙi, domin akwai ofisoshin kamfanoni da za ka nemi a mayar da kai mota ta gaba. Kada ka sauka sai takardar shaidar kayanka tana hannunka, ka tsaya a gefen ma'ajiyar har a miƙo maka akwatinka.