Hausa da Turanci a rubutun tallar kayan waya: inda ake tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa a shagunan Nima da Mamobi a Accra shi ne faɗin magana ɗaya sau biyu. Ga hoton caja, a ƙarƙashinsa an rubuta: "Caja mai sauri, fast charger, ku zo ku saya, come and buy." Matashin da ke karantawa yana jin yaren biyu, ba ya neman tafinta. Instagram kuma yana yanke rubutu bayan layi ɗaya ko biyu ya sa "more", wato gurbin ya ƙare ba a faɗi kuɗi ba, ba a faɗi wayar da cajar ke shiga ba.

Gyaran shi ne a raba musu aiki. Turanci ya ɗauki sunan kaya yadda yake a jikin kwali, Hausa ta ɗauki hira. Cajar nan sai ta koma haka:

"20W USB-C charger, GH₵120. Rabin awa ta kai iPhone kusan rabi. Kan caja ne kawai, babu cable. Muna Nima, muna karɓar MoMo."

A lura, an bar "cable" da Turanci, kuma da gangan ne. A Hausa "waya" na nufin salula, tana kuma nufin igiyar caji. Wanda ya rubuta "caja da waya, sidi 150" ya ja wa kansa tambayoyi har dare, wasu na zolaya, wasu da gaske suke. Haka masu ƙoƙarin fassara "power bank" su ce ma'ajiyar wuta. Ba wanda ke shiga kasuwar wayoyi ta Circle ya tambayi wannan, ba kuma wanda ke buga shi a wurin bincike, don haka tallar ba ta fitowa.

Lamba ba ta son kwalliya. A rubuta 20W, 10000mAh, iPhone 15 yadda suke. "Cajar iPhone" kaɗai ba ta isa ba, domin tun 2023 da iPhone 15 ta fito bakin ya koma USB-C, na baya kuwa Lightning ne. Idan masu saye suna dawo da igiya suna cewa ba ta shiga, a fara duba rubutun kafin a zargi kaya.

Sai batun Hausar kanta. Kwafo tallar Kano kalma da kalma yakan sa yaran zango su ji kamar baƙo ne ke magana, balle a manta naira a ciki. A rubuta yadda ake ciniki a bakin shago, jimla ta ƙare da yaren da ta fara, in ban da sunan kaya. Kafin a saki, a ba wani yaron shago ya karanta da ƙarfi. Duk inda harshensa ya sarƙe, nan za a gyara.