Yadda ake gwada koyintigireshan tsakanin kuɗin ruwa biyu, sannan a gina tsarin gyaran kuskure

Ɗaliban digiri na biyu da ke kawo mini aikinsu a nan Abuja, kusan duk a wuri ɗaya suke zamewa, wato wajen karanta gwajin ragowar rigireshan, wanda ke nuna ko akwai koyintigireshan, ma'ana alaƙar dogon zango tsakanin jerin alƙaluma biyu. Don haka a can zan daɗe.

Kuɗin ruwa biyun da za mu ɗauka su ne na takardun bashin gwamnati na kwana 91, da wanda bankuna ke biyan mai ajiyar wata uku. Dukansu ana samun alƙalumansu na wata-wata kyauta a shafin Babban Bankin Najeriya. Kada ka fara da MPR, wato ma'aunin kuɗin ruwa da Babban Banki ke tsayarwa. Yakan yi watanni a lamba ɗaya, kamar yadda ya zauna a 11.5 daga Satumban 2020 har zuwa Mayun 2022, sannan ya yi tsalle, kuma gwajin nan ba ya jituwa da irin wannan tafiya. Kada ka ɗauki log ɗinsu ma, ai dama cikin kashi ɗari suke.

Da farko ka gwada kowanne shi kaɗai da ADF, gwajin da ke nuna ko jerin alƙaluma tsayayye ne ko mai yawo. Abin da kake nema shi ne kowanne ya zama mai yawo ba ya komawa gida, amma canjinsa na wata zuwa wata ya zama tsayayye. Da Stata nake aiki, mai EViews sai ya nemi kwatankwacinsa.

```
tsset wata
dfuller ajiya, lags(2)
dfuller D.ajiya, lags(1)
```

Ajiya a nan ruwan ajiyar wata uku ne, D. kuma canjin wata zuwa wata. Ka maimaita wa tbil, wato ruwan takardun kwana 91. Daga nan sai hanyar da Engle da Granger suka shimfiɗa a 1987: ka ɗora ɗaya a kan ɗaya, ka ajiye ragowar, ka gwada ta.

```
regress ajiya tbil
predict u, residuals
dfuller u, noconstant lags(1)
```

To, ga ramin. A ce allo ya nuna maka -2.6, a gefensa kuma iyakar kashi 5 cikin ɗari ta nuna -1.95. Ɗalibi sai ya yi hamdala ya rubuta cewa an samu alaƙar dogon zango. Ba a samu ba. Wannan -1.95 an yi ta ne don jerin alƙaluman da aka tattaro kai tsaye, ita kuwa u kai ka ƙera ta. Lokacin da kwamfuta ke zaɓar gangaren layin, ta zaɓi wanda zai matse ragowar iyakar matsewa, shi ya sa ko an haɗa abubuwa biyu da babu ruwan juna, ragowarsu takan yi kama da mai komawa gida. Dole a ɗaga ma'aunin. A teburin MacKinnon, in abubuwa biyu ne kuma rigireshan na farko yana da lamba tsayayya, iyakar tana wajen -3.34, takan ɗan ƙara nisa in watanninka kaɗan ne. Saboda haka -2.6 ta faɗi, -4.1 ta haye. In kana ƙyuyar duba tebur, ka sauke egranger da umarnin ssc install egranger, shi yana fito da iyakar da ta dace.

In gwajin ya faɗi, kafin ka yanke hukunci ka zana u ka kalle ta. A Oktoban 2019 Babban Banki ya hana ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin gida da ba bankuna ba sayen takardun OMO, waɗanda shi Babban Bankin ke sayarwa don janye kuɗi daga kasuwa, kuɗi suka kwarara zuwa takardun bashin gwamnati, har ruwan na kwana 91 ya sauka ƙasa da kashi 1 a ƙarshen 2020. In ka ga u ta yi hijira gefe ɗaya daga wannan lokacin ta ƙi dawowa, mai yiwuwa alaƙar ce ta sauya salo. Ni nakan tsaya a Satumban 2019 in sake gwadawa, ko in koma gwajin Gregory da Hansen, wanda ke la'akari da irin wannan sauyin.

In ya haye, saura layi ɗaya:

```
regress D.ajiya L.u D.tbil LD.ajiya
```

L.u ce, ta watan jiya, ba u ta wannan watan ba. Lambar da ke gabanta dole ta zama da alamar ragi. A ce rigireshan na farko ya ba ka ajiya = 2 + 0.6 × tbil, lambar L.u kuma -0.15. In takardun gwamnati na kan 10, inda ya kamata ruwan ajiya ya zauna shi ne 8. In yana 7, giɓin -1 ne, sai wata mai zuwa ya hau da 0.15, ban da abin da canjin tbil da canjin ajiya na watan jiya suka ƙara. Rabin giɓin zai cike cikin ln(0.5)/ln(0.85), wata huɗu da ɗan ɗoriya.

Ka kuma juya, ka sa D.tbil a hagu da L.u ɗin nan a dama. In lambarta ba ta bambanta da sifili ba a can, bankuna ne ke bin takardun gwamnati, su takardun ba sa waiwayen bankuna.